Firediktif, ajayil ko haibirid: yadda ake zaɓa, da yadda ake kare zaɓin

Akwai wata amsa da nake yawan gani a wurin masu koyon tafiyar da aiki, in aka ba su labarin wani aiki aka ce su zaɓi tsarin da za a bi su kuma kawo hujja. Mutum zai karanta labarin, da ya ga kalmar manhaja sai ya rubuta ajayil, in kuma gini ya gani sai ya rubuta firediktif, in ya ga duka biyun ko kuma kansa ya ɗaure sai ya ce haibirid "domin ya haɗa amfanin kowanne", shi ke nan ya wuce. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta fi damuna gaskiya, don za ka iya ɗaukarta ka liƙa a kan kowane aiki a duniya ta zauna daram, kuma duk hujjar da ta dace da kowane aiki to ba ta ce komai ba a kan aikin da ke gabanka.

Bari mu fara daidaita kalmomin a gurguje. Firediktif shi ne ka zauna tun farko ka fayyace abin da ake so, ka zana, ka yi jadawali da kasafi, sannan a bi mataki bayan mataki, a miƙa aiki sau ɗaya a ƙarshe, shi wasu ke kira wotafol. Duk canjin da ya taso a hanya sai an cike takarda an duba me zai ci na kuɗi da lokaci kafin a amince. Ajayil kuwa ana yanka lokaci ne zango-zango, a tsarin Scrum, ɗaya daga cikin hanyoyin yin ajayil, zango ba ya wuce wata ɗaya kuma da yawa sati biyu suke yi, a ƙarshen kowane zango a fito da wani abu mai aiki a nuna wa masu amfani da shi, abin da suka ce shi zai gyara jerin aikin gaba. Haibirid kuma gauraye ne, amma gaurayen da aka san wane ɓangare ke ina kuma don me.

Wani abu da ya kamata a sani, mutum 17 ɗin da suka rubuta sanarwar ajayil a Snowbird ta jihar Utah a 2001 ba su ce a jefar da shiri ba. Cewa suka yi sun fi ba karɓar canji muhimmanci a kan bin shiri, kuma a ƙasan sanarwar suka faɗa ƙarara cewa shirin ma yana da daraja. Haka shi ma Winston Royce da ake jingina wa wotafol saboda takardarsa ta 1970, a cikin takardar da kansa ya yi gargaɗin cewa bin matakan sau ɗaya tak ba komawa baya akwai haɗari a ciki. Saboda haka in ka gina amsarka a kan wai ɗaya tsohon yayi ne ɗaya na zamani, tun nan ka bar hanya.

To me ake dubawa? Ni abin da na fi yarda da shi shi ne kar ka yi wa aikin gaba ɗaya tambaya, fasa shi za ka yi zuwa abubuwan da za a miƙa, sannan kowanne ka tsare shi da tambayoyi. An san abin da ake so tun yanzu, ko sai an gani za a sani? In an yi kuskure gyara zai yi tsada ko araha? Za a iya miƙa shi gutsure-gutsure a amfana, ko sai ya cika yake da amfani? Sannan wadda aka fi mantawa, akwai mutumin da zai zauna da ma'aikata a kai a kai yana yanke hukunci? Barry Boehm da Richard Turner a 2003 sun kawo ma'auni biyar masu kama da wannan, wato girman tawaga, girman ɓarnar da kuskure zai jawo, yawan canjin buƙatu, ƙwarewar ma'aikata da kuma al'adar ma'aikatar. Duk wanda ka ɗauka ya yi, abin da ake nema shi ne amsar ta fito daga cikin labarin da aka ba ka.

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wani asibiti mai gado 150 zai buɗe sabon ɗakin gwaje-gwaje cikin sati 52. Labarin ya ce za a gyara wani ɓangaren gini, a yi wayarin da famfo da hanyar iska, kuma an riga an ba ɗan kwangila a kan farashi tsayayye. Za a sayo injinan gwajin jini guda biyu, daga ranar oda zuwa isowa sati 16. Sannan ana so a rubuta manhajar da likitoci da nas-nas za su riƙa neman gwaji da ganin sakamako da ita, a yanzu da takarda suke yi, kuma a taron farko kowane sashe abin da yake so daban. Masu rubuta manhajar mutum 6 ne, sun saba aiki tare. Hukuma za ta zo duba wurin a sati na 46 kafin ta ba da lasisi. Shugabar ɗakin gwajin ta ce za ta iya ba da lokacinta.

Ka fara da ginin. Shin an san abin da ake so? An sani sarai, domin kamfanin da ya ƙera injin ya riga ya rubuta irin wutar da yake ja, da faɗin wurin da zai zauna, da zafin ɗakin da zai iya jurewa, kuma hukuma tana da nata ƙa'idojin a rubuce. Babu wani abu da za ka gano a wata na biyar wanda ba za ka iya sani a wata na ɗaya ba in ka zauna ka karanta. Kuskure kuma tsada gare shi, in an binne bututu an zuba kankare an sa tayil sannan aka ce ai magudanar nan a ɗaya kusurwar ya kamata ta fito, to fasawa za a yi. Rabin ɗaki kuma ba ya gwada jinin kowa. Ga kwangilar farashi tsayayye, wadda ita kanta tana buƙatar a san iyakar aiki tun kafin a sa hannu, in ba haka ba kullum kuna cikin rigimar wa zai biya ƙari. Duk alamun nan wuri ɗaya suka nuna, firediktif. Sayen injinan ma haka, abu ne na oda da jira da kafawa da saiti, ba abin da za a maimaita a ciki.

Yanzu manhajar. A nan labarin da kansa ya ba ka hujja a hannu, inda ya ce da takarda suke aiki kuma ba su yarda da juna a kan abin da suke so ba. Mutumin da bai taɓa amfani da abu ba ba zai iya zayyana maka shi daidai ba ko da ya so, ba laifinsa ba ne. Na taɓa zama a irin wannan nuni, an yi makonni ana tattara buƙatu an rubuta kowa ya sa hannu, ranar da aka nuna wa wata nas shafin farko ta kalle shi ko minti ɗaya ba a yi ba ta ce, to in ina sanye da safar hannu ga majinyaci a gabana ta yaya zan cike gurbi tara kafin in tura? Ba wanda ya yi tunanin wannan a ɗakin taro, har ita kanta, sai da ta ga abin a gabanta. Gyara shafi a sati na 10 aikin kwana biyu ne ko uku, amma gano wannan matsalar a sati na 45 bayan an horar da mutane, ka san abin da ke nan. Ga tawaga ƙarama, mutum 6, cikin adadin da Scrum ke so na mutum 10 ko ƙasa. Ga shugabar ɗaki da za ta tsaya a matsayin mai yanke hukuncin me za a fara me za a bari. Kuma ana iya miƙawa a gutsure, a fara da neman gwaji a sashe ɗaya kafin sauran. Wannan ajayil ne ba tantama.

Kenan amsar haibirid ce. Amma ka lura mun iso nan ne bayan mun bi kowane ɓangare da hujjarsa, kuma aikin bai ƙare ba, yanzu ma aka zo wurin da ake bambanta wanda ya gane da wanda ya haddace. Matsalar haibirid kusan kullum a mahaɗa take, inda ɓangaren da ke tafiya da jadawali ya haɗu da wanda ke tafiya da zango. Masu gini suna maganar ranaku da kashi nawa aka kammala, masu manhaja suna maganar me muka gama a wannan zangon, in ba a ɗaure su da wasu ranaku na tarayya ba kowa zai yi ta gudu a layinsa yana ganin lafiya lau har ranar da za a haɗa a ga ba su haɗu ba.

Ga yadda zan ɗaure su a wannan aikin. Sati 1 zuwa 6 zane da tsari na kowa da kowa. Odar injina ta fita a sati na 8, su iso a sati na 24, saboda haka dole ɗaki ya zama a shirye a sati na 24, wannan rana ce da ba ta motsi. Kafawa da saiti zuwa sati na 30. Su kuma masu manhaja su fara a sati na 7, zango na sati biyu-biyu har zuwa ƙarshen sati na 38, zango 16 kenan. Daga nan a kulle, ba sabon abu, sati 39 zuwa 44 gwajin komai a haɗe da horar da ma'aikata, hukuma ta zo a 46, sauran sati 6 na gyaran abin da hukuma ta ce a gyara.

A cikin manhajar akwai abubuwa biyu da ba za a bar su suna yawo ba duk da sunan ajayil. Na farko yadda za ta yi magana da injin, wato tsarin saƙon da injin ke turo sakamako da shi, irin su HL7, da tsarin lambar bakod da ake liƙa wa kwalbar jini. Wannan sai an tsayar da shi kafin oda ta fita a sati na 8, don injin da ka saya shi zai ƙayyade, kuma dole wannan ɓangaren ya gama kafin sati na 30 domin a gwada da injin gaske. Na biyu shi ne haɗa sakamako da majinyaci. In shafi bai yi kyau ba nas za ta yi ƙorafi a gyara, amma in sakamakon wani ya faɗa fayil ɗin wani ana iya ba mutum maganin da ba nasa ba, wannan ba wurin "mu gwada mu gani" ba ne. A zango za a rubuta shi kamar sauran, amma buƙatunsa a rubuce suke tun farko, gwajinsa a rubuce da sa hannu, kuma canza shi sai ta hanyar takardar neman canji kamar na gini. Ka ga ko a cikin ɓangare ɗaya ma layin bai tsaya a "manhaja" da "gini" ba, ya bi inda ɓarna take da girma ne.

Sai maganar da masu kuɗi za su yi maka, kuma suna da gaskiya: in ba ka san abin da manhajar za ta ƙunsa ba ta yaya za mu san nawa za ta ci kuma yaushe za ta gama? Amsar ita ce a firediktif iyakar aiki ake kafewa sai a ƙiyasta lokaci da kuɗi, a ajayil kuwa lokaci da kuɗi ake kafewa, mutum 6 na zango 16, abin da ke motsi shi ne yawan abin da zai shiga. A ce jerin aikin ya ƙunshi abu 80, shugabar ɗaki ta ware 30 da in babu su ba za a buɗe ba, aka sa su a sama. Bayan zango uku, wato ƙarshen sati na 12, aka ga tawagar tana gama kamar abu 4 a kowane zango. Lissafi mai sauƙi, 4 sau 16 ya ba da 64. Kenan tun sati na 12 an san kusan abu 16 ba za su samu shiga kafin buɗewa ba, kuma an san 30 ɗin dole za su kammala wajen zango na 8, sati na 22. Ƙiyasi ne, abubuwan ba girmansu ɗaya ba kuma saurin yana hawa yana sauka, shi ya sa ake sake lissafin kowane zango. Amma ka kwatanta da a ce an yi alƙawarin duka 80 a takarda, sai a sati na 36 a zo ana sosa ƙeya.

In za ka rubuta hujjarka kuma, kar ka tsaya a yabon abin da ka zaɓa, faɗi dalilin da ya sa ka ƙi sauran biyun da kalmomin labarin. Firediktif zalla ya faɗi a nan saboda zai tilasta wa mutanen da ba su taɓa amfani da manhaja ba su sa hannu a kan buƙatu a sati na 6, su kuma fara ganin abin a kusa da ƙarshe lokacin da gyara ya yi tsada. Ajayil zalla ya faɗi saboda sati 16 na jiran inji da kwangilar farashi tsayayye da ranar hukuma ba sa sauraron jerin aiki, kuma ba a zuba kankare don a ji ra'ayi. Sannan ka faɗi abin da zaɓinka zai ci maka, don haibirid ba kyauta ba ne, rahoto iri biyu za a riƙa haɗawa, manajan aikin dole ya iya yaren ɓangarorin biyu, kuma za a riƙa samun saɓani in masu manhaja suna son canza abin da masu gini suka riga suka kafe, misali inda za a sa kwamfuta da firintar bakod, wanda ke buƙatar soket da wayar intanet a bango. Wannan ma ka sa masa ranar kullewa kafin a rufe bango.

Ana iya gane an yi kuskuren zaɓi tun aiki na tafiya. In ka ɗora firediktif a inda ba a san buƙatu ba, za ka ga takardun neman canji suna taruwa fiye da yadda ake iya duba su, kuma rahoto ya maƙale a kashi 90 wata da watanni. In kuma ka ɗora ajayil a inda bai dace ba, za ka ga ana zango amma ƙarshensa ba abin nunawa, zangon farko "zane", na biyu "ci gaba da zane", ko a yi nuni ba mai amfani ko ɗaya a wurin sai ma'aikatan suna nuna wa junansu. Wannan wotafol ne aka yanka shi sati biyu-biyu aka canza masa suna, an ɗauki wahalar tarurrukan an bar amfanin.

Abu ɗaya da nake so duk mai amsa irin wannan tambayar ya ƙara, wanda da wuya nake gani, shi ne sharaɗin da zai sa ya canza ra'ayi. A labarinmu jimla ɗaya ce ke riƙe da ɓangaren ajayil gaba ɗaya, wai shugabar ɗaki "za ta iya ba da lokacinta". Nawa ne lokacin? In awa ɗaya ce a wata to babu ajayil a nan, don tawaga za ta yi tambaya ranar Litinin ta jira amsa har zango ya ƙare, daga nan su fara yanke hukunci da ka, su gina abin da suke zato. Ni zan rubuta a fili cewa zaɓina ya dogara ne a kan ta halarci tsara zango da nunin ƙarshen zango duk sati biyu, ta kuma amsa tambaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ta wakilta wani da ikon yanke hukunci na gaske, ba ɗan aike ba. In hakan ba zai samu ba gara a rage buri, a tsayar da buƙatu kaɗan a rubuce a miƙa manhajar kashi biyu ko uku.

Haka kuma in labarin ya ce asibitin sayen manhajar da aka riga aka gama zai yi, a saita ta kawai, to yawancin rashin tabbas ɗin ya tafi, aikin ya koma firediktif kusan duka, da ɗan gwaji a sashe ɗaya kafin a baza. In kuma ɗakin da injinan suna nan tuntuni manhajar kaɗai ake so, sai ya koma ajayil, da wancan ɓangaren haɗa sakamako da majinyaci a kulle, da ranar hukuma a matsayin iyaka. Asibiti ɗaya, mutane ɗaya, amma jimla ɗaya ta canza a labarin amsar ta tashi daga haibirid ta koma wani wuri, shi ya sa kafin ka rubuta komai ka koma ka ja layi a ƙarƙashin jimlolin da suka yi maganar kwangila, da ranakun da ba sa motsi, da wanda zai yanke hukunci, da ko masu amfani sun taɓa ganin irin abin, daga cikinsu za ka ciro kowace hujja da za ka kawo.